Zabura 8:4: "ɗan mutum" ɗin nan Yesu ne ko mu ne?

Ishaku D.: Salama 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka da Zabura 8:4, inda ya ce "mene ne mutum da kake tunawa da shi, ɗan mutum kuma da kake kula da shi?" Tambayata ita ce, mutane biyu ake magana a kai? Wato mutum na farko mu ne, ɗan mutum kuma Yesu? Don a Linjila ai haka Yesu ke kiran kansa, Ɗan Mutum

Bitrus K.: Yesu ne mana, wannan har tambaya ce? Buɗe Ibraniyawa sura 2 ka gani, an ɗauko ayar nan gaba ɗaya an ɗora a kansa. Magana ta ƙare

Mama Rifkatu: Toh Bitrus in Yesu ne, me ya sa Dauda zai tambayi Allah wai mene ne Yesu da har kake kula da shi? Ni kunnena bai karɓa ba. Tambayar ai ta mai ganin ƙanƙantarsa ce, ya ɗaga kai da dare ya ga wata da taurari sai ya ga shi ba komai ba ne

Malam Habila: Mama kin kama bakin zaren. Bari in ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Waƙar Ibrananci ba ta dogara da amsa-amo kamar rubutacciyar waƙarmu ba, abin da ke riƙe ta shi ne layi biyu (wani lokaci uku) da ke tafiya tare, na biyu yana amsa wa na farko. Saboda haka in aya ta yi maka duhu, abu na farko shi ne ka raba ta inda take rabuwa, ka rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ka ga wace kalma ke zaune a ƙarƙashin wace. Ga ayar da Ibrananci, na rubuta yadda ake furtawa, a nasu littafin aya ta 5 ce don suna ƙirga kan zaburar a matsayin aya:

ma enosh ki tizkerennu
u-ben adam ki tifkedennu

Ko ba ka jin yaren ka duba da ido. enosh yana saman ben adam. ki yana saman ki. tizkerennu yana saman tifkedennu, har sautinsu ya kusa zama ɗaya. Abin da babu a layi na biyu shi ne ma, wato "mene ne", ba a maimaita shi ba domin layi na biyu yana aron sa daga na farko. Wannan aron kaɗai ya nuna maka tambaya ɗaya ce aka yi ta sau biyu, ba tambaya biyu a kan mutum biyu ba. Masoretawa da suka sa wa rubutun wasula da alamomin karatu ma a kan tizkerennu suka sa alamar babbar tsayawa, daidai inda muka raba.

Ishaku D.: Malam na gani amma zama a ƙarƙashin juna ai bai isa hujja ba ko? Zan iya cewa "Allah ya albarkaci uba, ya kuma tsare ɗa", uba na saman ɗa amma mutum biyu ne

Malam Habila: Madalla, tambaya ce mai kyau, kuma gaskiyarka. Jeruwa kaɗai ba ta yanke hukunci. Mataki na biyu shi ne ka nemi sauran wuraren da kalmomin nan biyu suka fito tare, domin mawaƙan Ibraniyawa suna da kalmomi da suka saba haɗawa biyu-biyu. Duba Ayuba 25:6, Bildad ya ce enosh tsutsa ne, ben adam kuma tana. Duba Ishaya 51:12, me zai sa ka ji tsoron enosh mai mutuwa, da ben adam da aka mai da kamar ciyawa. Yanzu ɗan'uwa Bitrus, in ka ce duk inda aka ce ɗan mutum a layi na biyu Yesu ne, me za ka yi da ayar Ayuba?

Wadda ta fi burge ni ita ce Zabura 144:3, tambayar nan ce dai aka sake yi amma an juya kalmomin, adam ya koma layi na farko, layi na biyu ya zama ben enosh. In mawaƙi zai iya musanya su haka ma'ana ba ta motsa ba, to suna biyu ne na abu ɗaya. Mu ma da Hausa ai muna cewa mutum, muna cewa ɗan Adam

Bitrus K.: Ni ban ce duk inda aka ce ba, na ce a nan. Kuma ba ni na faɗa ba Ibraniyawa ce ta faɗa. Kuna ta kawo Ayuba da Ishaya kun ƙi taɓa wadda na kawo

Malam Habila: Za mu taɓa ta, ba gudu nake ba 😄 a bar mu mu gama da zaburar a gidanta tukuna

Tabita Y.: Ina karantawa ina murmushi don abin nan muna koyar da shi a adabin Hausa, jerin sarƙe muke ce masa, akwai na daidaito inda ɗango biyu ke faɗin abu guda, akwai na bambanto inda suke kishiyantar juna. Amma Malam ina da ƙorafi kaɗan. In ka ce layi na biyu maimaicin na farko ne kawai, ai ka mai da rabin Zabura ta zama cikon baiti. Mawaƙin kirki ba ya ɓata ɗango a banza

Malam Habila: Malama Tabita wannan ƙorafin naki manya sun yi shi kafin ke. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Lowth, shi ne ya shahara da tsara abin a laccocin da ya yi a Oksfod aka buga su a 1753. Ya kasa shi uku: inda layukan ke faɗin abu ɗaya, inda suke gaba da juna kamar Zabura 1:6 (hanyar masu adalci da hanyar mugaye), sai na uku inda layi na biyu ke ɗorawa a kan na farko, wanda a gaskiya duk abin da ya ƙi shiga biyun farko nan ake jefa shi. An fi shekara 200 ana koyar da haka. A 1981 wani masani, James Kugel, ya zo ya ce kashin farkon nan yana ruɗin mutane, layi na biyu ba ya tsayawa inda na farko ya tsaya, kusan kullum yana ƙara wani abu, kamar a ce "ga wannan, kai har ma ga wannan".

Ni ina tsakiya. A ayarmu sunayen biyu mutum ɗaya suke nufi, a nan babu ƙari sosai. Ƙarin yana cikin aikatau. Na farko zakar, tunawa. Na biyu fakad, wanda ake fassarawa kula, amma ya fi haka motsi, shi ne a zo a duba ka, a ɗauki mataki a kanka. Shi ne a Farawa 21:1 da Ubangiji ya ziyarci Saratu ta yi ciki, shi ne a Rut 1:6 da Na'omi ta ji Ubangiji ya ziyarci mutanensa ya ba su abinci. Tunawa da mara lafiya kana gida daban, ka sa takalmi ka je dubiya daban. To layi na farko ya yi mamakin Allah na tunawa da mutum, na biyu ya ƙara mamakin, wai har zuwa yake yi

Mama Rifkatu: Kai wannan ya yi mini daɗi. Har zuwa yake yi

Danjuma (kwaya): Ni dai abin da na sani in layi biyu suka zo haka mun fi jin daɗin sa musu murya, maza su ɗauki na farko mata su amsa da na biyu. Ashe dama don haka aka rubuta su biyu-biyu, domin a rera ana amsawa

Tabita Y.: Danjuma ka kawo mu kwaya kuma 😂 ba zancen murya ake ba zancen ma'ana ake

Malam Habila: Akwai zaburar da kowa ya ga ta amshi ce, kamar 136 da kowace aya ke ƙarewa da jimla ɗaya. Amma Karin Magana ma layi biyu-biyu ne, maganar Ayuba da abokansa ma haka, kuma ba wanda ya ce kwaya ke rera su. Salon waƙar yankin ne gaba ɗaya, har a allunan Ugarit da aka fara tonowa a gaɓar Siriya a 1929 an same shi, da irin kalmomin nan masu tafiya biyu-biyu

Fasto Yohanna: Salama. Na shigo a makare, na bi duka daga sama. Malam Habila ina tare da kai a yawanci amma bari in ja ka a wuri biyu.

Na ɗaya, kalmar nan fakad ba kullum alheri ba ce. Ita ce a Fitowa 20:5 inda Allah ke hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye. Kuma in ka ce layi na farko ne zai gaya mana ma'anarta tunda tunawa abu ne mai kyau, to duba Yusha'u 8:13, kalmomin nan biyu ne dai a jere, zai tuna da muguntarsu ya hukunta zunubansu. Ka ga zakar da fakad sun jeru amma bulala ce. To me ya hana wani ya karanta 8:4 ya ce Dauda kuka yake, mene ne mutum da ka sa masa ido haka?

Malam Habila: Baba Fasto ka taɓo inda dabarar take da iyaka, kuma ba zan musa ba. Akwai ma wanda ya karanta ta haka ɗin, Ayuba. A 7:17-18 ya yi kusan tambayar nan, mene ne enosh da ka ɗauke shi da girma haka, kana fakad ɗinsa kowace safiya kana gwada shi kowane lokaci, a aya ta 19 har yana roƙo a ƙyale shi ya haɗiye yawu. Kalma ɗaya, amma can layin da ke amsa mata "gwadawa" ne, sai ta zama sa ido mai takura.

Abu biyu ke raba gardama a Zabura 8. A Yusha'u abin da ake tunawa mugunta ne, abin da ake bi zunubi ne. A nan kuwa mutumin kansa ake tunawa, kamar Zabura 106:4, ka tuna da ni ya Ubangiji, ka ziyarce ni da cetonka, jerin nan ne sak. Sannan aya ta 5 da ke biye ta ce an naɗa masa rawanin ɗaukaka da daraja. Saboda haka layi biyun sun rage maka zaɓi, sun ce ma'anar tana wajen "tunawa da ta zama aiki", amma ko aikin alheri ne ko horo, sai ka leƙa maƙwabta

Fasto Yohanna: Yawwa, haka nake so a faɗa, don yaranmu da suka je makarantar tauhidi shekara ɗaya sukan dawo suna ganin da dabarar nan za su buɗe kowace ƙofa.

Na biyu. Zabura 80:17, bari hannunka ya kasance a kan mutumin hannun damanka, a kan ɗan mutum da ka ƙarfafa domin kanka. Nan ma ben adam ne a layi na biyu, amma ba duk 'yan Adam ake nufi ba, wani ne takamaimai. To ka ga Bitrus bai yi hauka ba da ya ji ɗan mutum ya tuna da mutum guda

Bitrus K.: Na gode Baba, dama an taru a kaina 🙏

Malam Habila: Haba Bitrus wa ya taru a kanka. Amma Baba Fasto ai ayar da ka kawo ni take taimako. Ta yaya muka san wani takamaimai ne a 80:17? Layi na farko ne ya gaya mana, bai ce mutum kawai ba, ya ce mutumin hannun damanka, layi na biyu kuma ya ƙara "da ka ƙarfafa". Masana na gardama ko sarki ne ko Isra'ila ce gaba ɗaya, amma kowa ya yarda an keɓe shi. A 8:4 kuwa enosh yana tsaye shi kaɗai ba wani abu da ya keɓe shi. Ka'ida ɗaya ce ta ba da amsa biyu domin abokin tafiyar kalmar ya canza. Ƙara da ayoyi 6 zuwa 8, abin da aka sa ƙarƙashin ƙafarsa tumaki ne da shanu da namun jeji da tsuntsaye da kifaye, wannan ai Farawa 1:26-28 ce aka mai da waƙa

Ladi M.: Ni wani mai wa'azi na taɓa ji ya ce enosh na nufin mutum mai rauni mara lafiya, adam kuma mutumin ƙasa da zai koma ƙasa, wai shi ya sa aka zaɓe su. Gaskiya ne?

Malam Habila: Rabi. adam da adama, wato ƙasa, Farawa 2:7 kanta ta haɗa su. Na enosh da rauni kuwa ana faɗa sosai amma masana ba su haɗu a kai ba, kuma tunda 144:3 ta juya su yadda ta ga dama ni ba zan gina wa'azi a kai ba. Ƙanƙantar mutum a zaburar nan daga aya ta 3 ta fito, sammai da wata da taurari, ba sai an matse kalma ba

Ishaku D.: Toh yanzu Ibraniyawa fa? Don Bitrus na jira, ni ma ina jira

Malam Habila: Toh. Ibraniyawa 2:6-8 ta ɗauko ayoyin daga fassarar Helenanci. Abu ɗaya da ba a gani a Hausa: laƙabin da Yesu ke kiran kansa da shi a Linjila yana zuwa ne da ƙaramar kalmar da ke keɓe abu, kamar mu ce "Ɗan Mutumin nan", amma a ayar da aka ɗauko babu ita, ɗan mutum ne kawai kamar yadda yake a zaburar. Sannan ku bi yadda marubucin ya tafi. Ƙarshen aya ta 8 ya ce yanzu ba mu ga an sa kome ƙarƙashinsa ba tukuna. Aya ta 9 ta ce amma muna ganin Yesu. A karatuna "shi" na aya ta 8 ɗan Adam ne, mu, an yi mana alkawarin mulki amma ba a gani a ƙasa, sai aka ce ga mutum ɗaya da abin ya cika a kansa. Kuma sauran surar duk a kan haka take, ya ɗauki nama da jini, bai ji kunyar kiran mu 'yan'uwa ba. In tun farko zaburar ba ta magana a kanmu, hujjar marubucin ta rasa ƙafa

Fasto Yohanna: A nan ne muka rabu Malam. Ni ina ganin tun daga aya ta 6 marubucin Yesu yake kallo. Sura ta 1 gaba ɗaya kwatanta Ɗan da mala'iku take yi, aya ta 5 ta ce duniya mai zuwa ba mala'iku aka ba ba, to wa aka ba? Kuma Bulus a 1 Korintiyawa 15:27 ya ɗauki "ya sa kome ƙarƙashin ƙafafunsa" ya ɗora kai tsaye a kan Almasihu. Mai karatu na farko da ya ji ɗan mutum, da wuya Daniyel 7:13 ba ta faɗo masa a rai ba

Malam Habila: Zai iya faɗowa, amma Ezekiyel ma an kira shi ɗan mutum fiye da sau 90 kuma ba wanda ya ɗauke shi Almasihu. Masu sharhi dai sun rabu a kan aya ta 8 ɗin nan, wasu na gefenka wasu na gefena, ba zan ce na ka da ka ba Baba

Bitrus K.: Kenan ni ne da gaskiya

Tabita Y.: Bitrus a'a fa 😂 kai ka ce mutum daban ɗan mutum daban. Ko Baba Fasto bai ce haka ba. In Yesu ne a Ibraniyawa to layi biyun duka shi ne, in mu ne layi biyun duka mu ne, ba wanda ya raba ayar gida biyu ya ba mu rabi ya ba shi rabi

Bitrus K.: Ishaku ne ya ce mutum biyu ba ni ba, koma sama ki duba

Fasto Yohanna: Ko wa ya faɗa, wannan kam na yarda da Tabita, ba a raba ta

Ladi M.: Malam tambaya ta ƙarshe kafin caji ya mutu, akwai inda kalmomi irin waɗannan suka jeru amma da gaske mutane iri biyu ake nufi? Don kar mu tafi da cewa kullum ɗaya ne

Malam Habila: Akwai. Zabura 49:2, layi na farko ya ce bene adam da bene ish, a zahiri duka 'ya'yan mutum ke nan, amma layi na biyu ya ce mai arziki da matalauci baki ɗaya. Shi ya sa fassarori da yawa suka mai da na farkon ƙanana da manya, wato talakawa da masu sarauta, layi na biyu ne ya raba su. Sai dai ki lura a can kalmomin biyu cikin layi ɗaya suke, da "har da… har da…" a tsakaninsu, ba ɗaya a saman ɗaya ba. Wasu kuma sun ce ba wani talaka da basarake, hanya ce kawai ta cewa kowa da kowa

Fasto Yohanna: Ni ina cikin wasun nan. In an bi jerin ma ai juyewa ya yi, ƙanana da manya sannan mai arziki da matalauci, sai ka ce mawaƙin ya gicciya su

Tabita Y.: Gicciyawar ai ita ma salo ce Baba, a Zabura tana da yawa

Fasto Yohanna: Tana da yawa, amma ba duk inda lissafinmu ya ƙi fita za mu ce gicciye ne ba. Malam ka duba mana 62:9 in ka samu lokaci, kalmomin nan biyu sun sake fitowa can, mu ga ko za ta goyi bayanka

Malam Habila: Zan duba da dare in an kawo wuta